Masu ba ni umarni uku ne, makullin sito kuma yana aljihuna

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da matsala a wurin aiki, ina neman shawarar manya. Wata bakwai ke nan da na kama aiki a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a nan Kano, mu 18 ne ma'aikata har da direbobi da masu lodi. Takardar da aka ba ni layi shida ce. An rubuta ni mataimakin ofis ne, albashi naira 85,000, sai layin ƙarshe ya ce zan yi duk wani aikin da hukumar kamfani ta ba ni. To hukumar nan mutum uku ce: Alhaji mai kamfanin, da babban ɗansa wanda shi ne manaja, da akanta. Manaja ya tura ni banki, ina kan layi akanta ya kira ya ce ina rasit ɗin jiya, kafin in dawo Alhaji ya bugo ya ce in je in karɓo masa saƙo a tasha. Duk wanda na bari na ƙarshe, a wurinsa ni malalaci ne. Wata huɗu da suka wuce mai kula da sito ya ajiye aiki, manaja ya miƙo min makulli ya ce in riƙe kafin a samu wani. Har yau ba a samu wanin ba. Makon jiya aka ƙirga kaya, aka ce katan 10 na taliya babu. Ni na san inda suke: Alhaji ne ya bugo min waya ya ce in ba wani abokin cinikinsa katan 30 bashi, na ba shi. Yanzu Alhaji ya ce shi 20 ya ce. Akanta ya ce kuɗin katan 10 naira 180,000 ne, za a riƙa cire min 30,000 duk wata har wata shida. Don Allah me zan yi? Ni ban ma san mene ne aikina ba, balle in san inda na yi laifi.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri, amma ku yaran yanzu kun cika son takarda. Ni shekara 9 na yi ina yaron shago a kasuwar Singa. Babu wanda ya taɓa rubuta min aikina. Na share shago, na yi dako, na kai yara makaranta, na kai kuɗi banki, har cefanen gida na yi. Da haka na san kan kasuwa, da haka maigidana ya sallame ni da jari. Wanda ake aika ko'ina shi ne yake sanin ko'ina. Ka rage ƙorafin yawan aiki.

Ɗan Kurna: Yaya, ba yawan aiki nake kuka da shi ba wallahi. A ba ni ninkinsa zan yi. Kai da kake Singa, mutum nawa ne suke ba ka umarni?

Baban Walid: Maigidana ne kawai. In ƙaninsa ya aike ni ma sai na leƙa na gaya masa tukuna.

Tsohuwar Ma'aikaciya: To Baban Walid, ka amsa wa kanka. Kai maigida ɗaya gare ka, kuma akwai alkawarin sallama a gabanka. Shi wannan yaron iyayen gidansa uku ne, kuma babu jarin da ke jiransa, albashi ne kawai, shi ma ga shi ana yanka. Ba ɗaya ba ne.

Ɗana, ni shekara 33 na yi a sashen mulki, na fara daga rijista, kuma irin maganar nan ta sha zuwa teburina. Bari in fara da abin da ba za ka ji daɗinsa ba. Ranar da ka karɓi makullin nan, an ƙirga kayan da ke cikin sito a gabanka? Ka sa hannu a wata takarda cewa ga abin da ka karɓa?

Ɗan Kurna: A'a Hajiya. A bakin ƙofa ya ba ni, yana sauri zai tafi Juma'a.

Tsohuwar Ma'aikaciya: To nan ne ramin, ba a katan 10 ba. Duk wanda ya riƙe makullin sito ba tare da an ƙirga kaya an damƙa masa a rubuce ba, ya gaji duk giɓin da wanda ya gabace shi ya bari, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan karon ka yi sa'a ka san inda kayan suka tafi. Wani karon za a ce katan 25 na mangyaɗa babu, kuma ba za ka iya rantsuwa cewa sun taɓa shigowa hannunka ba.

A aikin gwamnati, duk lalacewarsa, akwai abu biyu da aka tanada saboda wannan. Akwai jadawalin ayyuka na kowane ma'aikaci, wanda yake faɗin abin da ke wuyanka da wanda kake ƙarƙashinsa, kuma shi wannan mutumin ne yake cike maka fom ɗin auna ƙwazo a ƙarshen shekara. Sannan akwai takardar miƙa aiki, wadda mai tafiya da mai karɓa suke sa wa hannu. Ba don ƙawa aka yi su ba, don ranar da abu zai ɓace ne. Kai ba ka da ko ɗaya. An ɗora maka nauyin sito, amma ba a ba ka ikon cewa "ba zan fitar da kaya ba sai da takarda" ba.

Malam na Zaure: Hajiya ta yi gaskiya. Ni abin ya tuna min da aya ta 29 a Suratuz Zumar, inda Allah ya buga misali da bawan da mutane da yawa masu jayayya da juna suka yi tarayya a kansa, da kuma wanda yake na mutum ɗaya, aka ce shin za su yi daidai? Ayar tana magana ne a kan shirka da tauhidi, kada wani ya ce Malam ya yi wa ofis tafsiri. Amma da ba sanannen abu ne cewa mai iyayen gida da yawa yana cikin wahala ba, da ba a buga misali da shi ba. Sannan kayan nan bashi aka bayar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. In Alhaji ya ji haushin a rubuta, sai a tuna masa da ita cikin ladabi.

Lauyan Gobe: Ni dai ina ganin ana ta zagaye-zagaye. Doka ta riga ta gama magana. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci bayanin aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika. Kai wata bakwai ka yi. Sun karya doka, ka tafi kotun ma'aikata kawai, akwai reshenta a nan Kano. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke da hurumin duk rikicin aiki.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Lauyan Gobe, Allah ya kai mu goben. Ka karanto rabi ka bar rabi. Gaskiya ne sashe na 7 ya ce cikin wata uku a ba da takarda, kuma ya lissafa abin da za ta ƙunsa: sunan mai ɗaukar aikin, sunan ma'aikaci, ranar da aka ɗauke shi, irin aikin, albashi da yadda za a biya, awannin aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Amma "irin aikin" ya ce, bai ce a jera maka ayyukanka ɗaya bayan ɗaya ba. Lauyan kamfani zai ɗaga takardar nan mai layi shida ya ce ga shi an rubuta mataimakin ofis. Sannan je ka duba sashe na 91, inda aka fassara waye ma'aikaci a wannan doka. Leburori da masu aikin akawu take karewa, ta cire masu riƙe da aikin gudanarwa da na ƙwararru. Shi yaron nan da alama yana ciki, tunda aikinsa na akawu da aike ne, amma ka ga ko wannan ma abin ja ne saboda ba a san mene ne aikinsa ba.

Inda doka take tare da shi sosai shi ne maganar yankan albashi, kuma ba ka ambace ta ba. Sashe na 5 ya hana mai ɗaukar aiki ya cire kuɗi daga albashi don rama asara haka kawai. Sai in asarar ta faru ne da ganganci ko sakacin ma'aikacin, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tun kafin a cire. Wannan sashen kuma ya ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Kashi ɗaya cikin uku na 85,000 bai kai 28,400 ba. Su 30,000 suka ce. Ko da laifin nasa ne, sun zarce.

Lauyan Gobe: Na karɓi gyara Hajiya, na 91 ɗin ban lura da shi ba. Amma ai wannan ya ƙara ƙarfin ƙarar ke nan.

Bala Direba: Ƙara da wa? Ɗan'uwa ka taɓa aiki a kamfanin Alhaji da 'ya'yansa kuwa? Ranar da sammaci ya iso, ranar za a ce ya ajiye makulli ya tafi gida. Kuɗin lauya kaɗai ya cinye 180,000 ɗin.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Bala bai yi ƙarya ba. Wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sanarwar mako ɗaya kawai doka ta ce a ba shi, sai in takardarsa ta faɗi fiye da haka. Saboda haka dokar nan, ɗana, ka san ta ka sa a aljihu. Ba ita za ka fara zarowa ba.

Maman Ilham: Ni kam wannan zance kamar da ni ake. A wata makarantar kuɗi nake, an ɗauke ni malamar Turanci ta aji uku. Yanzu ni ce mai karɓar kuɗin littattafai, ni ce mai shirya bikin yaye ɗalibai, ni ce mai amsa wayar iyaye saboda wai na iya magana. Mai makaranta ta ce abu, shugaban makaranta ya ce wani, mijin mai makarantar ma in ya zo sai ya ba da nasa umarnin alhali ba shi da ko kujera a wurin. Da sakamakon ajina ya faɗi zangon da ya wuce, ni aka ba takardar tuhuma, babu wanda ya tuna rabin darussana ina ofis ina ƙirga kuɗi. Na yi magana aka ce ba ni da haɗin kai. Ni dai na zuba wa sarautar Allah ido, ina neman wani wurin.

Ɗan Kurna: Anti, Allah ya kawo mafita. Ni ma abin da ke ƙona min rai ke nan. Aikin da na yi ba a gani, sai wanda na bari.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Ba a gani saboda babu inda yake a rubuce, kuma kowanne cikin ukun nasa kaɗai ya sani. Manaja bai san Alhaji ya tura ka tasha ba, shi dai ya ga ka yi awa uku ba ka nan. Bari in gaya muku abin da na ga ya yi aiki, ke ma Maman Ilham ki ɗauka ko da za ki tafi.

Ka sayi ƙaramin littafi mai layi. Mako biyu cur, duk aikin da aka ba ka ka rubuta rana, da lokaci, da wanda ya ba ka, da abin da ya ce, da lokacin da ka gama. Kada ka rubuta ra'ayinka, kada ka rubuta "ya yi min tsawa". Abin da ya faru kawai. Misali, Litinin 9:15 manaja ya ce in kai kuɗi banki, na dawo 11:40. Ƙarfe 10:00 akanta ya nemi rasitan Asabar, ban samu yi ba sai 12:30 saboda ina banki. Bayan mako biyu ka zauna ka tattara su gida-gida. Ina kyautata zaton za ka ga gida huɗu: sito, aiken banki da waje, takardun akanta, da hidimar Alhaji ta kansa. Ka ƙirga awa nawa kowanne ya ci.

Daga nan kai da kanka za ka rubuta jadawalin aikinka, shafi ɗaya kada ya wuce. Kada ka zauna jiran su rubuta maka. Ba mugunta ce ta hana su ba, su kansu ba su taɓa zama sun yi tunanin abin ba, kuma rashin rubutun ya yi wa kowannensu daɗi tunda kowa yana da yaro kyauta. Amma mutum yana da saurin gyara takardar da aka ajiye masa a gaba fiye da ya ƙirƙiro ta. A ƙasan shafin ka sa tambaya ɗaya: idan aiki biyu suka haɗu a lokaci guda, wa zai ce ga wanda za a fara? Wannan tambayar ita ce duk abin da kake nema. Mutum uku su ba ka aiki ba laifi ba ne, a ofisoshi da yawa haka ake yi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar ƙaramin ma'aikaci ya riƙa zaɓar wanda zai ɓata wa rai cikin manya.

Baban Walid: Hajiya, da girmanki, amma a nan zan ja. Wannan tsarin na sakatariya ne. Ka je gaban Alhaji da littafi kana cewa ranar kaza ƙarfe kaza ka ce kaza? Zai ce yaron nan yana tara masa hujja ne, ko yana nufin shi maƙaryaci ne. A kasuwa da amana ake zaune. Ni na san manyan 'yan kasuwa da ke ba da kayan miliyoyi da baki, babu ko tsinken takarda.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Ja ɗinka yana kan hanya, kuma shi ya sa ban ce ya kai wa Alhaji littafin ba. Littafin nasa ne, don ya san abin da zai rubuta a shafin. Kuma ba Alhaji zai fara tunkara ba, manaja zai samu, shi da ya ba shi makulli. Yadda zai shigar da maganar ma da bambanci. In ya ce "ina so a fayyace min haƙƙina", ya jawo wa kansa. Amma in ya ce "Yallaɓai, abin da ya faru na katan 10 ya dame ni, ba na so a sake asarar dukiyar Alhaji a hannuna, ga yadda nake ganin za a tsare", wane ɗan mai kamfani ne zai ƙi saurara?

Maganar amana kuwa, masu ba da kayan miliyoyi da baki dukiyarsu ce, in ta salwanta su suka yi asara. Shi wannan dukiyar wani ce a hannunsa, kuma ka ga inda bakin ya kai shi: shi ya ce 30, Alhaji ya ce 20, kuma wataƙila Alhaji ba ƙarya yake ba, mantuwa ce. Mutumin da ke amsa waya hamsin a rana zai manta.

Bala Direba: Mu direbobi mun daɗe da gano dabarar wannan. In maigida ya bugo ya ce ka sauke kaya a wuri kaza, kana ajiye waya sai ka tura masa saƙo a WhatsApp: "Ranka ya daɗe, katan 30 na taliya zan ba Alhaji wane kamar yadda ka ce, in na ji daidai." Ko bai amsa ba, alamar ya karanta tana nan. Ba ya jin haushi don kamar kana tabbatarwa ne kada ka yi kuskure. In maigidan ba mai karatu ba ne ka yi masa saƙon murya. Ni sau biyu wannan ya fitar da ni.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Madalla da Bala, wannan ya fi duk dogon bayanina sauƙi. Sai dai a sito saƙo kaɗai bai isa ba. Duk kayan da zai fita, ko Alhaji ne ya zo da kansa, a rubuta takardar fitar da kaya mai kwafi, wanda ya karɓa ya sa hannu, a rage a katin kayan a ranar. Ɗana, mutumin da ya karɓi katan 30 ɗin, ya sa hannu a wani abu?

Ɗan Kurna: Bai sa ba Hajiya. Yaronsa ne ya zo da a-kori-kura, masu lodinmu biyu suka loda.

Tsohuwar Ma'aikaciya: To kana da shaidu uku ke nan da ba ka yi amfani da su ba, ga kuma shi mai karɓar. Kafin komai, ka roƙi manaja ya kira mutumin ya tambaye shi katan nawa ya shiga shagonsa. Kada kai ka kira, kada kuma a yi a gaban Alhaji kamar ana ƙure shi. In mutumin kirki ne zai ce 30, sai a mayar da katan 10 cikin bashinsa, magana ta mutu ba wanda ya ji kunya.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Wajenmu ma haka abin yake a gidajen 'yan kasuwa. Muna da dokar aiki ta 2012, kuma akwai ofishin masu binciken aiki da kake iya kai kuka su kira maigida a yi sulhu kafin a je gaban alƙali. Amma gaskiya mutane ba su cika zuwa ba sai an riga an kore su. Ni abin da nake so in ce daban ne. Na yi aiki da wata ƙungiyar agaji inda nake da shugabanni biyu a rubuce, ɗaya na aikin fili ɗaya na kuɗi, kuma takardar aikina shafi uku ce. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba, don su biyun ba sa shiri, kowa yana ja da ni don ya nuna wa ɗayan. Takarda ba ta gyara wannan. Ɗan Kurna, manajanku da akanta suna ga maciji kuwa?

Ɗan Kurna: Kai, ka taɓo wurin. Akantan tun zamanin da manaja yana makaranta yake tare da Alhaji. Ba ya ganin manaja a bakin komai, kai tsaye yake shiga wurin Alhaji. Ni kuma manaja ne ya kawo ni.

Na Maraɗi: To ka gani. Wataƙila katan 10 ɗin ma ba kai ake nufi ba, ana so a nuna yaron manaja bai iya riƙon sito ba.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Wannan ban san da shi ba, kuma ya canja lissafi. In haka ne, sa hannun manaja kaɗai a shafin nan ba zai hana akanta komai ba. Dole maganar wa ke da ta-cewa ta fito daga bakin Alhaji, a gaban su biyun. Kuma ba kai za ka haɗa wannan zama ba, manaja ne zai kai wa mahaifinsa. Na yarda da Na Maraɗi cewa takarda ba ta sa mutane su so juna. Abin da take yi kawai, in sun tashi faɗansu ba za su yi shi a kan albashinka ba.

Sannan maganar makulli, ka ba su zaɓi biyu cikin ladabi. Ko dai a ƙirga kaya gaba ɗaya a damƙa maka a rubuce, a ce kai ne mai sito, a ɗauke maka aiken waje, don ba a tsaron sito daga layin banki. Ko kuwa a karɓi makullin a ba wani. Riƙon "kafin a samu wani" na wata huɗu, da albashin mataimakin ofis, kura da shan bugu ke nan gardi da karɓar kuɗi.

Baban Walid: Ni fa har yanzu ina ganin in ya mayar da makulli ya yi wauta. Sito shi ne zuciyar kamfanin dillanci. Wanda ya riƙe shi shekara biyu ya san masu kawo kaya, ya san farashi, ya san masu saye. Gobe shi ma zai iya tsayawa da ƙafarsa. Ya karɓa, ko ba a ƙara masa ko sisi ba.

Maman Ilham: Haka aka ce min lokacin da aka ba ni kuɗin littattafai, wai zan koyi harkar gudanarwa. Shekara biyu ke nan, abin da na koya shi ne ƙirga canji.

Lauyan Gobe: Ni tambayata, in sun cire kuɗin a ƙarshen watan nan fa duk da haka?

Tsohuwar Ma'aikaciya: Kada ya sa hannu a kowace takarda da ke cewa ya amince shi ya ɓatar da kayan. Ya rubuta gajeriyar wasiƙa cewa bai yarda da cirewar ba da dalilinsa, ya riƙe kwafi, ya ajiye saƙon banki da ke nuna abin da ya shigo. In abin ya ci gaba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, suna kiran ɓangarori su sasanta, kuma wannan ya fi kotu sauƙi da arha. Amma ya sani daga ranar da ya je can, zamansa a kamfanin ya zo ƙarshe ko da ya ci nasara. Shi zai auna.

Ɗan Kurna: Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Na samu manaja kamar yadda Hajiya ta ce. Ya kira mutumin a gabana, mutumin ya ce zai duba, washegari ya ce 30 ne ya shiga shagonsa amma shi a saninsa 20 ne bashi, 10 kuwa cikon wani tsohon lissafi ne tsakaninsa da Alhaji. Alhaji ya ce zai tuna. Akanta ya ce shi littafinsa bai san tsohon lissafi ba. An dai dakatar da cire kuɗin "har a gani", ba a ce an soke ba.

Ranar Asabar aka ƙirga sito gaba ɗaya, ni da manaja da wani yaron akanta, muka sa hannu mu uku. An samu katan 4 na sabulu da ba sa cikin kati kwata-kwata, rara ce, ba wanda ya san tun yaushe suke. Manaja ya karɓi shafin da na rubuta, ya soke aiken banki ya ba wani, ya ce in aiki ya haɗu shi zan tambaya. Hidimar Alhaji kuwa ya yi dariya ya ce wannan ko shi bai isa ya soke ba. Bai kai wa Alhaji maganar zaman su uku ba tukuna, ya ce sai ya ga fuska. Maganar ƙarin albashi ban ma tayar ba.

Jiya Alhaji ya bugo ya ce in ba wani katan 15 na mangyaɗa. Na tura masa saƙon Bala. Ya amsa da murya ya ce "to, Malam Akawu." Ban gane ba ko wasa ne ko gatse.

Bala Direba: Ko ma mene ne, kada ka goge saƙon.

Maman Ilham: Hajiya, ni shafin nawa wa zan kai wa, mai makarantar ko shugaban? Don mijin nata ne ya fi kowa ba ni aiki.